Na haura hamsin, agarata na ciwo: in sha magani in ci gaba da gudu?

Tambaya: Likita, shekarata 54, na daɗe ina gudun kilomita biyar sau biyar a mako. Yanzu gudun ya ragu, kuma da asuba in na sauko daga gado agarar ƙafar dama a sage take, sai na ɗingisa. Wani abokina ya ce in riƙa shan daikulofenak kafin in fita, in daure. Tsorona kada in tsaya jiki ya mutu.

Amsa: Malam, kada ka sha. Wannan shawara ta abokinka ita ce na fi yaƙi da ita a wurin aiki, kuma masu ba da ita ba sa nan ranar da ƙafa ta ƙi takuwa.

Daikulofenak da ibufurofen ba sa gyara agara. Abin da suke yi shi ne su rufe bakin ciwon, alhali ciwon ne ke gaya maka inda ya kamata ka tsaya. Sai ka ji garau, ka ƙara sauri, jijiyar na ci gaba da lalacewa ba ka sani ba. Ga kuma ƙoda. Lokacin gudu jini yana karkata zuwa tsoka, zufa tana rage ruwan jiki, ƙoda na fama da ɗan abin da ya iso mata, sai ka zo da maganin da ke ƙara rage jinin da ke shigarta. Irin waɗannan magunguna suna iya tayar da hawan jini, suna iya jawo gyambon ciki har da zubar jini, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. In kana shan maganin hawan jini, abin ya fi muni. Ban da masu cewa "zo in yi maka allura ɗaya ka warke". Allurar kotizon, maganin rage kumburi, a cikin agara tana raunana ta, tana iya kaiwa ga tsinkewa, daga nan sai watanni a ɗaure ko tiyata. Duk wanda ya ɗauko sirinji bai taɓa ƙafar ba, bai tambaye ka yadda kake gudu ba, ɗauki takalminka ka fita.

Raguwar gudu kuwa ba lalaci ba ne. Iyakar bugun zuciya tana sauka da shekaru. Ana ƙiyasta ta da 208 a cire 0.7 sau shekarun mutum. Naka ya kama kusan 170 a minti, na ɗan shekara 30 kusan 187. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya nuna maka cewa saurin da kake yi a da cikin sauƙi yanzu aiki ne mai nauyi. Ka yi shi sau biyar a mako, agara ba ta samun sararin gyara kanta, ita da dama jini kaɗan ke isa gare ta, tana farfaɗowa a hankali fiye da tsoka.

Ka koma gudu sau uku, da aƙalla rana guda a tsakani: Litinin, Laraba, Asabar misali. A makonni huɗu na farko duka ukun su zama sassarfa ta minti 20 zuwa 25 a shimfiɗaɗɗen wuri, ba hawan tudu, ba tsere da kowa. Ma'aunin sauƙi shi ne ka iya faɗin cikakkiyar jimla ba tare da haki ya yanke ta ba. In kana da agogo, bugun ya tsaya tsakanin 110 da 130. Za ka ji kamar wasa kake yi. Bar shi a haka. Ranakun hutu ka yi tafiya ko ka hau keke, sannan ka yi ɗage: ka dafa bango, ka ɗaga dunduniya a hankali, ka sauke ta cikin daƙiƙa uku, sau 15 har zagaye uku. In ya yi sauƙi, koma ƙafa ɗaya. Agara takan ɗauki kamar wata uku kafin ta amsa, don haka kada ka yanke hukunci a mako na biyu.

Washegari da asuba ita ce alƙaliyarka. In sagewar tana nan yadda take ko ta ragu, ci gaba. In ta ƙaru, ko ciwon ya wuce awa 24, gudun jiya ya yi yawa, rage minti biyar a na gaba. Sai ka yi mako biyu kana saukowa daga gado ba ɗingishi sannan ka mayar da gudu ɗaya mai ɗan zafi a mako, ka bi shi da kwana biyu na sauƙi.

Abu biyu ba sa jiran wannan tsari. In ka ji kamar an harbe ka da dutse a bayan ƙafa, ɗage ya gagara, wuce asibiti ranar. Haka in ka ji nauyi a ƙirji, jiri, ko haki da bai dace da gudun da kake yi ba, tsaya nan take, a duba zuciyarka kafin ka sake ɗaura takalmi.