Taimakon waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna: a tura ko a dakata?

Tambaya: «An turo mana hotunan gidajen da ambaliya ta rushe, wai a Birni, da lambar da za a tura kuɗi. Ta yaya zan gane gaskiya ce?»

Malam, dakata tukuna. Fara da hoton: saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa za ka tarar tsoho ne, ko ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Sannan kira lambar ka tambayi sunan mai gidan da wanda ke maƙwabtaka da shi. Birni ba nisa, hau kabu-kabu ka tambayi mai unguwa ko liman. Na taɓa tura jika biyar ga wani da ya yi ta cewa yau-yau ake buƙata. Washegari lambar a kashe. Abin ya ci min rai, domin akwai waɗanda ruwa ya kora, masu kwana a makaranta, da kuɗin nan zai ciyar. In mai lambar ya ce ƙungiya ce, ya nuna takardar izinin gwamnati da ofishinsu. In ya ƙi, kai hatsinka hannun mai unguwa.