Maganin da aka rubuta wa Baba bayan saka masa sitent

"An saka wa mahaifina sitent a jijiyar zuciya wata 3 da suka wuce. Yana shan asfirin da kulofidogirel, amma dasashinsa na jini, kuma ya ji sauƙi. Zai iya dainawa?"

Ɗan'uwa, don Allah kada Baba ya daina sai likitan zuciyarsa ya ce. Sitent ɗan bututun ƙarfe ne da ke riƙe jijiyar a buɗe, kuma kafin naman jijiya ya gama lulluɓe shi, jini na iya daskarewa a kansa. Magungunan nan biyu su ke hana hakan, kowanne ta hanyarsa, shi ya sa ake haɗa su. In aka yanke su da wuri, jijiyar na iya toshewa farat ɗaya, ta jawo bugun zuciya mai kisa. Jin sauƙi ba shaidar warkewar wurin ba ne.

Galibi ana shan su tare wata 6 zuwa 12, gwargwadon dalilin saka sitent ɗin, daga nan a ci gaba da ɗaya.

Jinin dasashi kuwa, ku gaya wa likita, Baba ya koma buroshi mai laushi, ya guji maganin ciwo na ibufurofen. Ko haƙori za a cire masa, a fara tuntuɓar likitan zuciya. Amma baƙin bayan gida, aman jini ko ciwon ƙirji, ku garzaya asibiti nan take.