Wa ya sha maganin, likita ko yaro?

"Na rubuta 'Bayan ya sha magani, likita ya sallami yaron', sai aka ce min wai likitan na shayar. Ina gyaran yake?"

Gaskiya suka faɗa maka, ɗan'uwa. Mai karatu yana riƙe da wannan "ya" na farko bai san mai shi ba, sai ya liƙa wa sunan da ya fara cin karo da shi, wato likita. Gyaran shi ne ka dawo da sunan mai aikin cikin gaɓar farko: "Bayan yaron ya sha magani, likita ya sallame shi." Yanzu kowa ya tsaya kusa da aikinsa.

Amma ba kullum ake buƙatar wannan ba. Da yarinya ce, "Bayan ta sha magani, likita ya sallami yarinyar" ba ta da wani ruɗani, domin "ta" da "ya" sun raba gardama. Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne idan mutanen biyu jinsinsu ɗaya, ko duk jam'i ne. A nan ka tsaya kan kowane aikatau ka tambayi kanka wa ya yi, kuma amsar ta fito daga jimlar, kada ka ciko ta da abin da ke ranka.