Da wane harshe zan rubuta wa mai shago?

"Maigida, ka ce in fara nemo mana aikin sola da kaina. Na tattara lambobin masu shaguna a nan Zariya, a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, amma na rasa da me zan rubuta musu. Idan na yi Hausa ina tsoron a raina mu, idan na yi Turanci kuma ina tsoron a ce muna da girman kai. Ko in gauraya su ne kamar yadda muke yi a waya?"

Ɗana, kafin ka taɓa waya, ka taka ka je ka ga shagon. Ba a zaɓar harshe daga zaune. Dubi allon da ke ƙofa, dubi rasit ɗin da yake ba mutane, dubi 'yar takardar da ya liƙa ta hana bashi, ka ga da me ya rubuta. Sannan ka saurari yadda yake magana da yaransa. Abin da kake nema amsar tambaya biyu ce: wa zai karanta saƙon da idonsa, kuma ina takardar za ta kwana bayan an karanta. Wadda za ta tsaya a wayar Alhaji daban, wadda za ta shiga fayil a ofis daban.

Kada suna ko unguwa su ruɗe ka. A Sabon Gari akwai Inyamurai da Yarabawa da aka haifa a nan, Hausarsu ta baki ta fi ta wasunmu daɗi, amma ba su saba karanta ta a rubuce ba. Irin wannan ka gaishe shi da Hausa idan kun haɗu, ka rubuta masa da Turanci mai sauƙi. A cikin Birni kuwa za ka tarar da dattijon da ya fi sakewa da ajami a kan boko, duk dogon rubutun da ka tura ɗansa zai miƙa wa, ɗan kuma ya taƙaita masa yadda ya ga dama. Shi saƙon murya ya fi masa, gajere, kada ya wuce minti ɗaya. A Wusasa kuma akwai Hausawa Kirista da ke karanta Hausa tsaf, don haka idan ba ka san mutum ba, "barka da war haka" ta wadatar, kowa zai amsa ta da daɗin rai.

Maganar raini kuwa, ka cire ta daga ranka. Ba Hausa ake rainawa ba, rubutun ganganci ake rainawa. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma har yau akwai dattawan da da ita suka koyi karatu, idonsu na kama kuskure nan take. Ka sa ƙugiya a inda take, ka raba kalmomi, ka rubuta "za mu" a rabe, kada ka gutsure kalma irin ta hirar samari. Ka kira babba da "ku", ka sa masa Alhaji ko Malam ko Hajiya yadda mutanen layin ke kiransa. Saƙon da aka rubuta haka ya fi Turancin da aka yi ta tuntuɓe a ciki kwarjini nesa ba kusa ba.

Bari in ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko. A ce mai kemis ne a Tudun Wada, Bahaushe, rasit ɗinsa da Turanci amma da Hausa yake ciniki, janareta na cinye masa riba. Saƙon farko da Hausa zalla zai tafi, kuma layi huɗu ko biyar ya isa:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Ni ne yaron mai haɗa sola da ya shigo jiya da la'asar. Na ga kuna fama da janareta saboda fankoki da fitilu. Idan kun ba ni izini zan zo in auna abin da shagon ke ci, in kawo muku lissafi a rubuce, ba tare da kun biya komai ba. Wace rana ce ta fi muku sauƙi?"

Ka lura ban sa farashi ba, ban kuma jero sunayen kaya ba. A wannan matakin ba kaya kake sayarwa ba, izinin shigowa kake nema, kuma Bahaushe da harshensa yake ba da izini. Ka kuma tura shi a lokacin da kasuwa ta lafa, ba da hantsi ba sa'ad da mutane suka cika masa kanta.

To, ya amsa, ka je ka auna. Ka samu fanka biyu, kowace tana cin wat 60, da ƙwan fitila huɗu masu wat 10, jimla wat 160. Ka yanke shawarar batir guda na ruwa, wanda aka rubuta 12V 200Ah a jikinsa. A lissafi yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, amma ka san irin wannan batir ba a zuƙe shi fiye da rabi idan ana so ya yi ƙarko, saura 1,200. Ka raba da 160, ya ba ka awa bakwai da rabi, ka cire abin da inbata ke ci, ka tsaya a wajen awa shida. A nan ne gaurayawa take da amfani, amma gaurayawa ta kashi-kashi, ba ta cikin jimla ba.

Takardar farashi ka raba ta biyu. A sama, jerin kaya: sunan kamfani da lambar kowane abu, ka kwafe su harafi da harafi kamar yadda suke a jikin kwali. Kada ka fassara su, kada ka Hausantar da su. Dalili shi ne Alhaji zai tura yaro Sabon Gari ya tambayo farashi, kuma haƙƙinsa ne ya yi hakan. Idan yaron ya nuna takardarka aka ɗauko masa daidai abin da ka rubuta, ka sami amana. Idan kuwa "babban batir mai kyau" kawai ka rubuta, za a nuna masa ƙarami mai araha, ya dawo ya ce ka tsuga musu kuɗi.

A ƙasa kuma, alkawari, da Hausa tsantsa. Nan ne zuciyar takardar, kuma nan ne yara irinku suke kwafsawa, don sun fi son su ce "zai ɗauki shagonku gaba ɗaya" a wuce wurin. Ka rubuta a fili cewa batirin zai riƙe fanka biyu da fitila huɗu na kimanin awa shida idan ya cika. Ka rubuta cewa firji ba ya cikin wannan lissafi, haka dutsen guga da hita, kuma idan ana son firji sai an sake awo an ƙara kaya. Ka rubuta cewa da damina, ranar da hadari ya rufe, da kuma lokacin hunturu idan ƙura ta kwanta a kan fanel, caji zai ragu, sai ana gogewa. Garanti ma kada ka bar shi kalma guda a tsaye. Mutane da yawa suna jin garanti su ɗauka duk abin da ya lalace za a musanya kyauta. Faɗi wata nawa ne, a kan wane kaya, wa zai ɗauki kuɗin mota, kuma me ke ɓata shi, kamar a bar ruwan batir ya ƙafe ko a kira wani ya taɓa wayoyin. Duk sharaɗin da zai iya jawo rigima wata rana, da harshen da mutum yake yin fushi da shi ake rubuta masa, domin ranar da abin ya faru ba zai ce bai gane ba, kai ma ba za ka ɓuya a bayan Turanci ba.

Kuɗi ka rubuta su sau ɗaya da lambobi cikakku, da duk sifirinsu, sannan ka maimaita da kalmomi a gefe. A ce dubu ɗari huɗu da hamsin ne, ka sa 450,000 ka kuma rubuta shi da Hausa. Wannan gajartawar da kuke yi ta 450k ka bar ta a tsakaninku. Kafin alƙalami nawa ne, ciko yaushe, duk su fito a layi nasu.

Ingausa irin ta waya, wadda ake fara jimla da Hausa a ƙare da Turanci, ban hana ka ita da sa'anninka ba. Mai shagon gyaran waya a unguwar PZ ko mai kwafin takardu a bakin jami'a a Samaru, idan shi ya fara yi maka ita, bi shi a haka. Amma kada ka buɗe da ita ga wanda ba ka sani ba, kuma kada ta shiga takardar farashi. Kalmomin da suka riga suka zama namu, irin su batir da inbata da rasit, ba Ingausa ba ne, yi amfani da su ba tare da wani ɗar ba. Wanda ya ƙaƙalo musu wata baƙuwar Hausa shi ne zai rikita mai karatu.

Inda Turanci ya zama dole shi ne wurin da takarda za ta bi hannu fiye da ɗaya: makarantar kuɗi, asibiti mai zaman kansa, otal, ko wani sashe na Jami'ar Ahmadu Bello. Ko da shugaban wurin Bazazzagi ne kun sha hira da Hausa, akawunsa fayil zai buɗe, mai binciken kuɗi kuma zai duba, su kuwa da Turanci suke aiki. A nan ka kawo min mu buga a takarda mai kan shagonmu, da kwanan wata da lambar rajista da sa hannu, jimloli gajeru, ba tare da manyan kalmomin burga ba. Ka kai da hannunka, ka yi bayanin da baki da Hausa. Abu guda ka kiyaye: abin da bakinka ya faɗa kada ya zarce abin da takardar ta ce ko da awa ɗaya.

Idan ka yi kuskuren zaɓi, amsar da za ta dawo za ta nuna maka. Ka rubuta da Turanci sai ya kira ka yana tambayar abin da ke cikin saƙon ƙarara, ka san bai karanta ba ne, koma Hausa ko murya. Ka rubuta da Hausa ya amsa da Turanci, bi shi da Turanci daga nan, kada ka dage. Idan salon amsar ya sauya, da alama ɗa ne ko yaron shago ke riƙe da wayar, sai ka nemi ganin mai shagon ido da ido kafin a yi maganar kuɗi. Idan kuma WhatsApp ya nuna an buɗe amma shiru, kada ka sake turo saƙon da wani harshe a ranar, hakan na nuna kana zargin bai iya karatu ba. Bari kwana biyu ko uku, ka biya ta shagon ka gaishe shi. A littafin da kake rubuta lambobin nan, ka ƙara layi a gaban kowane suna, ka sa harshen da ya amsa da shi da kuma wanda ke riƙe masa waya. Gobe ka fara da masu kemis na Tudun Wada, ka nuna min saƙon kafin ka tura.