Yadda ake gane kayan da suka yi kwantai daga rahoton sito

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan gini da na ban ruwa a Babbar Kasuwar Sakkwato. Sitona cike yake, amma kullum kuɗin sari ba sa isa. Ga rahoton watan Satumba na turo maka. Yaya zan gane kayan da suka danne mini jari?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abu biyu za ka riƙa ɗorawa a kan juna a kowane layi na rahoton, wato kwanakin da kaya suka yi a sito da kuma tarihin fitarsu, domin kowane ɗaya shi kaɗai yana iya yaudarar mai karatu. Daɗewa a ajiye tana nuna abin da ya riga ya faru, ciniki kuwa shi ne yake nuna ko kayan za su fita nan gaba.

Mu ɗauki farin fenti. Rahoton ya nuna bokiti 240, kuma a wata shida da suka wuce an sayar da 60, wato goma a kowane wata. Idan ka raba 240 da goma za ka samu 24, ma'ana ko ba ka sake sayen bokiti ɗaya ba, sai ka shekara biyu kafin ka ga ƙarshensa. Wannan fenti bai mutu ba tunda ana tambayarsa, amma tafiyar hawainiya yake yi. In muka ce kana buƙatar abin da zai ishe ka wata uku, bokiti 30 ke nan, sauran 210 rara ne, kuma a kan naira 15,000 da aka rubuta a matsayin uwar kuɗin kowane bokiti, naira 3,150,000 ce take kwance a jikin bango. Ga shi kuma fenti ba ya jure doguwar ajiya a sito mai rufin kwano, musamman a zafin Maris zuwa Mayu da yakan haura digiri 40 a garin nan.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai a wannan layin da farko, domin an rubuta cewa fentin kwana 40 kacal ya yi a sito. Da na bi tarihin shigowar kaya sai na ga an ƙaro bokiti 50 a watan Agusta, kuma rahoton yana ƙirga kwanaki ne daga shigowa ta ƙarshe, don haka sabon kaya ya lulluɓe tsohon. Bokiti 190 sun haura wata bakwai. Ka umarci mai kula da sito ya riƙa raba kowane kaya bisa ranar da kowane rukuni ya shigo: ƙasa da kwana 90, zuwa 180, zuwa shekara, da abin da ya wuce shekara. A ganina wannan gyara ya fi duk sauran gaggawa, domin ƙarin na Agusta bai kamata a yi shi ba sam.

Makullan ƙofa kwali 35 kuwa ba sa buƙatar dogon lissafi. Wata 14 ke nan ba a fitar da ko ɗaya ba, damina da rani duk sun wuce a kansu, saboda haka kwantai ne na gaske. Ka karya farashi ko ka nemi wanda ka sara a wurinsa ya musanya maka.

Inda nake son ka yi hattara shi ne tiyon ban ruwa, wanda shi ma rahoton ya nuna bai motsa ba tun watan Mayu. Manomin albasa na Wurno ko Goronyo ba ya neman tiyo ruwa na zuba, sai damina ta ɗauke an koma fadama. Irin wannan kaya ba a auna shi da wata shidan baya; ana duba abin da ya yi daga Oktoba zuwa Maris na bara, kuma naka ya fita sosai a lokacin. Ka bar shi a inda yake.

Kafin ka yanke hukunci, ka tabbatar ba a lissafa kayan da aka kwashe daga sito zuwa shagonka a matsayin ciniki ba, tunda sauyin wuri kawai suka yi. Sannan ka shiga siton da kanka ka ƙirga makullan nan, domin wani lokaci abin da ya hana kaya fita a takarda shi ne sun daɗe da barin siton ba a rubuta ba.