Laftof ɗin lissafin shago: duba lamba, gwada batir

Tambaya: Malam, ina da shagon sarin kayan masarufi a Daura. Ina son laftof na hannu don lissafi a Excel, fitar da rasit da ganawa da dilolina ta Zoom. An nuna mini biyu kusan kuɗi ɗaya, i7-6600U da i5-8350U. Mai kayan ya ce i7 ta fi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, ɗauki i5 ɗin. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ke nuna zubin injin: 6600U zubi na 6 ne, 8350U kuma na 8. Na farkon ƙwaƙwalwar aiki biyu gare shi, na biyun huɗu, kuma za ka ga bambancin ranar da Zoom ke buɗe kana laluben lissafi a Excel. Sannan tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 kyauta kamar da, ita kuwa Windows 11 a hukumance kusan daga zubi na 8 take karɓa. Na'urar da za ta riƙe bayanan kuɗinka bai kamata ta rasa gyaran tsaro ba.

RAM, wato wurin da na'urar ke riƙe ayyukan da ka buɗe, kada ya gaza 8GB, ma'ajiyar kuma ta zama SSD, wato irin mai saurin nan, ko da 256GB ce. Takardun lissafi ba sa cin wuri.

Inda na fi so ka tsaya shi ne batir, don a nan kayan hannu suka fi cin mutane, ga wutarmu ba tabbas. Kafin ka biya, buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai nuna maka inda ya ajiye rahoton. Buɗe shi ka kwatanta DESIGN CAPACITY, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da FULL CHARGE CAPACITY, abin da yake ɗauka yanzu. A ce na farko 50,000 mWh ne, na biyu 27,000: kusan rabi ya tafi ke nan. Ganawar bidiyo kuwa ta fi Excel shan caji nesa ba kusa ba, sai laftof ɗin ta mutu maka ana tsakiyar ciniki. In ya gaza kashi 70 cikin 100, a canza maka batir ko a rage kuɗinsa.

Daga nan zare cajar, ka haɗa da datar wayarka, ka kira yaron shagonka ta bidiyo na minti goma. Tambaye shi ko yana ganinka sosai, yana jin muryarka tar. Kai kuma ka saurari fanka, ka taɓa ƙasan na'urar. In ta yi zafi rau tana ƙara, wataƙila ƙura ta toshe mata hanyar iska, abin da hunturun Daura zai ƙara tsananta.

In tana caji ta USB-C, ka samu ƙari, don fawabank mai ba da 65W zai iya riƙe ta in an ɗauke wuta.