Yadda ake lissafa lokacin tafiyar jirgin ƙasa

Tambaya: Jirgina zai tashi 22:40, ya isa 06:15, kuma akwai tasha huɗu a hanya. In ƙara mintunan tsayawa a kan lissafin?

A'a, suna ciki tuni. Jadawalin kan ba tashar hanya lokaci biyu, na isowa da na tashi, kuma tazararsu ita ce tsayawar. Ka ɗauki tashin farko da isowar ƙarshe kawai.

Tunda tafiyarka ta haye tsakar dare, raba ta biyu. Daga 22:40 zuwa 00:00 awa ɗaya da minti 20 ne, daga nan zuwa 06:15 awa shida da minti 15. Jimla awa bakwai da minti 35. Kada ka ɗebe lambobin kamar kuɗi, domin awa minti 60 ce, ba 100 ba.

Jinkiri kuwa ba a rubuta shi, amma ana hango shi. Idan wata ƙaramar tasha tana da tsayawar minti 15, yawanci jiran wani jirgi ake yi ya wuce a layi ɗaya tilo. In wancan ya makara, kai ma ka makara. In akwai canjin jirgi a gaba, kada tazarar ta gaza minti 30.